Cinikin tagwayen hannun jari: yaushe makin z ke faɗin gaskiya?

Duk lokacin da kasuwar hannun jari ko ta kirifto ta rikice, sai ka ji masu koyar da dabarun ciniki sun dawo da wata tsohuwar magana: wai akwai hanyar cin riba wadda ba ruwanta da tashin kasuwa ko faɗuwarta. Ka nemi kadarori biyu masu tafiya tare, ka jira makin z, wato awon nisan da tazarar farashinsu ta yi daga inda ta saba zama, ya kai 2, ka sayar da wadda ta yi tsada ka sayi wadda ta yi araha, in makin ya koma sifili ka kwashi ribarka. Dabarar ba ƙarya ba ce. Sunanta cinikin tagwaye, kuma manyan gidajen kuɗi sun daɗe suna cin abinci da ita. Inda gizo ke saƙa shi ne ana iya fitar da makin z daga kowane farashi biyu a duniya, ko da babu abin da ya haɗa su. To me ke bambanta makin da za a dogara da shi da wanda adon lissafi ne kawai?

Abin da ake saye da sayarwa

Mai cinikin tagwaye ba ya hasashen ko farashin kamfani zai tashi ko zai faɗi. Idonsa na kan tazarar da ke tsakanin farashin kamfanoni biyu masu sana'a iri ɗaya, misali bankuna biyu ko kamfanonin mai biyu. In tazarar ta buɗe fiye da yadda ta saba, sai ya shiga da ƙafa biyu lokaci guda. Ƙafa ta farko saye ce ta yau da kullum. Ta biyu kuma sayar da aro ce: ya ari hannun jarin da ya yi tsada daga dillali, ya sayar a farashin yau, da alkawarin zai sayo ya mayar daga baya. In farashin ya sauka kafin ya mayar, bambancin nasa ne, in kuma ya hau, shi zai cika daga aljihunsa.

An fi danganta dabarar da wata ƙungiyar masana lissafi a bankin Morgan Stanley a shekarun 1980, inda sunayen Gerry Bamberger da Nunzio Tartaglia suka fi fitowa. Lissafin da ya ba ta gindi kuwa daga jami'a ya zo. A 1987 Robert Engle da Clive Granger suka buga takardar da ta shimfiɗa yadda ake gwada abin da ake kira kowintigireshan, kuma a 2003 suka raba kyautar Nobel ta tattalin arziki.

Tafiya tare daban, ɗauri daban

Nan yawancin masu koyo ke yin tuntuɓe. Suna buɗe manhaja, su auna korileshan, wato lambar da ke nuna yadda farashi biyu ke tafiya tare, su ga 0.95, kusa da ƙolinta na 1, su ce sun sami tagwaye. Korileshan na sauyin farashi na kullum yana gaya maka ne kawai cewa ranar da wannan ya tashi, wancan ma yakan tashi. Bai ce komai ba game da girman tazarar bayan shekara guda. A ce kamfanoni biyu suna tashi da faɗuwa a ranaku ɗaya, amma ɗayan kan ɗara ɗan'uwansa da kashi 0.05 cikin ɗari kowace rana. Ido ba zai lura ba, korileshan zai fito sama sosai, amma bayan ranakun kasuwa 250 ratar ta haura kashi 13 cikin ɗari, kuma babu abin da zai sa ta dawo.

Auna korileshan a kan farashin kansa ya ma fi muni. Tun 1974 Granger da Paul Newbold suka nuna cewa jerin alƙaluma biyu da kowannensu ke yawo gaba gaɗi, ba tare da wata alaƙa ba, sukan fito a lissafi kamar suna da dangantaka mai ƙarfi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abubuwa biyu da suka yi sa'ar hawa a lokaci ɗaya za su yi kama da juna a kan takarda.

Kowintigireshan tambayarsa daban ce. Farashin hannun jari ba shi da mazauni. In ya bar 50 ya koma 80, babu wata doka da ta ce sai ya dawo 50. Amma wani lokaci, in ka ɗauki farashin A ka cire masa wani ninki na farashin B, abin da ya rage yana da mazauni. Yakan kauce, ya dawo, ya sake kaucewa ta ɗaya gefen, ya dawo. Kamar dabbobi biyu ne da aka ɗaure da igiya ɗaya ba tare da turke ba: babu wanda zai iya cewa ga inda za su kwana, amma nisan da ke tsakaninsu ba zai wuce tsawon igiyar ba. Aikin gwajin shi ne ya duba ko igiyar tana nan.

Yadda ake gwadawa

Hanyar Engle da Granger mataki biyu ce. Da farko ana yin rigireshan na farashin A a kan farashin B, wato lissafin da ke nemo yawan motsin A a duk motsi ɗaya na B, a fitar da lambar da ake kira beta, wato hannun jarin B nawa ne ke daidai da hannun jarin A guda ɗaya. Daga nan ake gina tazarar:

```
tazara = A - beta * B
```

Mataki na biyu shi ne a yi wa tazarar gwajin Dickey da Fuller, wanda ke tambayar ko kaucewar jiya na jawo gyara yau. In tazarar ta yi sama jiya, shin yau ta fi karkata ga sauka? Gwajin na ba da lamba mai alamar ɗebewa, kuma gwargwadon nisanta ƙasa da sifili, gwargwadon ƙarfin hujjar.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Teburin Dickey da Fuller na yau da kullum ya sa iyakar kashi 5 cikin ɗari, wato wadda sa'a kaɗai ke tsallakewa sau 5 cikin 100, a kusan −2.86. Amma tazarar da aka fitar daga rigireshan an riga an gyara mata zama, domin lissafin ya zaɓo betar da ta fi sa ta yi kama da mai mazauni. Saboda haka iyakar da ta dace da kadarori biyu ta fi tsauri, kusan −3.34. Wanda ya sami −3.0 ya duba teburin farko zai ɗauka ya ci jarrabawa, alhali bai ci ba. A Python, `coint` na cikin `statsmodels` yana amfani da iyakar da ta dace, shi kuwa `adfuller` in aka ɗora shi kai tsaye kan tazarar, teburin farko yake dubawa.

```python
from statsmodels.tsa.stattools import coint
t, pvalue, crit = coint(A, B)
```

Yana da kyau a juya gwajin, a ɗora B a kan A, domin sakamakon biyu ba sa zuwa daidai. In ɗaya ya wuce da ƙyar ɗayan ya faɗi, alaƙar ba ta da ƙwari. Masu haɗa kadarori uku ko fiye sukan koma gwajin Johansen, amma ga biyu wannan ya wadatar.

Makin z da misali guda daga farko zuwa ƙarshe

Makin z ba komai ba ne face auna nisan tazarar yau daga mazauninta, da ma'aunin irin kaucewar da ta saba yi. Ana ɗebe matsakaicin tazarar daga tazarar yau, a raba da awon karkata, wato girman kaucewar da ta saba yi, wanda ake gani a manhaja da sunan `std`.

```
z = (tazara - mean) / std
```

Ga misali da alƙaluman da aka ƙirƙira domin koyarwa. An ɗauki farashin rufe kasuwa na kwana 250 na kamfanonin A da B. Beta ta fito 1.5, matsakaicin tazarar 10, awon karkata 2, gwajin kuma ya ba da −3.9, ya wuce iyaka. Yau A na kan dala 104.60, B na kan dala 60. Ninkin B shi ne 90, tazarar ta zama 14.60. An ɗebe 10, saura 4.60, an raba da 2, makin z ya kama 2.3. A ya yi tsada idan aka gwada shi da B.

Sai ɗan kasuwa ya ari hannun jarin A guda 100 ya sayar a kan dala 10,460, ya sayi na B guda 150 a kan dala 9,000. A lura kuɗin ƙafafun biyu ba su zo daidai ba, kuma ba dole ne su zo ba. Beta ce ke tsara adadi. Wanda ya zuba kuɗi daidai wa daida a kowane gefe yana riƙe da wata tazara ce daban da wadda ya gwada.

A ce bayan wata guda kasuwa ta tashi, A ya kai 107, B ya kai 64. Tazarar yanzu 107 a ɗebe 96, wato 11, makin z ya sauko 0.5. A ƙafar A an yi asarar dala 240, a ƙafar B an ci 600, riba 360. Yanzu a juya labarin, a ce kasuwa ta faɗi warwas, A ya koma 92, B ya koma 54. Tazarar 92 a ɗebe 81, ita ma 11. A ƙafar A an ci 1,260, a ƙafar B an yi asarar 900, riba 360 ɗin nan dai. Abin da ake nufi ke nan da cewa cinikin ba ruwansa da alƙiblar kasuwa. Ribar ita ce rufewar tazara daga 14.60 zuwa 11, sau 100.

Amma 360 ba ita ce ke shiga aljihu ba. Ciniki huɗu aka yi, biyu a shiga, biyu a fita. In kuɗin dillali da ratar farashin saye da sayarwa sun ci kashi 0.1 cikin ɗari a kowanne, kusan dala 40 ke nan. In kuɗin aron A kashi 3 cikin ɗari ne a shekara, wata guda zai ci kusan 26. Saura 294 a kan cinikin da jimillarsa ta kai 19,460, wato kashi 1.5 cikin ɗari. In kuma A ya raba riba ga masu hannun jari a cikin watan, wanda ya ara shi zai biya mai kayan wannan kuɗin. Wannan ne ya sa shiga a makin 1 ba ta cika biya ba, ko da tazarar na dawowa: kuɗaɗen kan cinye kaso mai yawa na abin da rufewar ta kawo.

Kwana nawa za a jira?

Gwajin na cewa tazarar na dawowa, amma bai faɗi yaushe ba. Ana gano wannan ta wani ƙaramin rigireshan: sauyin tazarar yau a kan kaucewar jiya. A ce lambar da ta fito −0.07 ce, ma'ana kowace rana kusan kashi 7 cikin ɗari na kaucewar ke gogewa. Sai a raba 0.693 da 0.07, a sami kusan kwana 10. Wannan shi ne rabin zango, lokacin da rabin kaucewar ke ɗauka kafin ya ɓace.

A misalinmu kaucewar 4.60 ya kamata ta koma 2.30 cikin ranakun kasuwa 10, ta koma 1.15 cikin 20. Shi ya sa wata guda ya dace da labarin. Amfanin wannan lamba biyu ne. Tana tace tagwaye tun kafin a shiga, domin rabin zangon kwana 90 na nufin kuɗin aro zai cinye ribar kafin ta nuna. Kuma tana ba ka agogo: in an ninka rabin zango sau uku tazarar ba ta motsa ba, to ba ta yin halin da aka san ta da shi, a fita ko da makin z bai taɓa iyakar asara ba. A ganina wannan agogon ya fi iyakar makin amfani, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Makin da ke komawa sifili ba tare da riba ba

Mutane da yawa ba sa tsayar da matsakaici a wuri ɗaya. Suna amfani da taga mai tafiya, a ce kwana 20 na baya-bayan nan, kullum a sake lissafi. Akwai hikima a ciki, domin alaƙar kamfanoni na sauyawa a hankali. Amma dubi abin da zai faru in tazarar ta yi tsalle zuwa 14.60 ta zauna a can. Kowace rana wata tsohuwar lamba ta kusa da 10 na fita daga tagar, sabuwa ta kusa da 14.60 na shiga. Matsakaicin na hawa yana bin tazarar. Kafin kwana 20 su cika makin z ya sauko kusa da sifili, manhaja ta ce a fita, an kai gaci. Ka duba asusunka, babu riba ko kaɗan, sai kuɗin dillali da na aro da suka fita.

Tazarar ba ta dawo mazauninta ba, mazaunin ne ya tashi ya tarar da ita. Hanyar ganewa ita ce a rubuta beta da matsakaici da awon karkata na ranar shiga, a ci gaba da auna cinikin da su har a rufe shi. Tagar kuma kada ta gaza ninki biyu ko uku na rabin zango.

Igiya na tsinkewa

Babban haɗarin shi ne alaƙar ta mutu bayan an shiga. Wani ya yi tayin sayen kamfanin A, ko B ya faɗa shari'a, ko ɗayansu ya sauya sana'a. A irin wannan hali makin 2.3 ba kaucewa ba ce, farkon sabon mazauni ne. Lissafin tarihi ba zai hango wannan ba. Saboda haka kafin a shiga sai a tambayi dalilin buɗewar tazarar. In akwai labarin da ya shafi kamfani ɗaya shi kaɗai, a ƙyale cinikin.

Iyakar asara ma a sa ta tun farko. A misalinmu makin 3.5 na nufin tazarar ta kai 17, asarar dala 240. Wanda ya ce makin 3.5 ai ya fi 2.3 daɗin shiga, ya ƙara kaya, in tazarar ta kai 24 asarar kayan farko kaɗai 940 ce, ribar ciniki uku masu kyau ta tafi. Kuma ƙa'idar da ke cewa makin da ya wuce 2 ba ya faruwa sai kusan sau 5 cikin 100 ta dogara ne da rarrabuwar alƙaluma mai siffar ƙararrawa. Tazarar farashi takan yi tsallen da ya fi haka yawa.

Ko igiyar da ba ta tsinke ba tana iya miƙewa har ta kayar da mutum. Kamfanonin mai na Royal Dutch da Shell Transport sun haɗa harkokinsu tun 1907 a kan rabon 60 da 40, wato farashinsu na da alaƙa a rubuce, ba ta lissafin tarihi kawai ba. Duk da haka sun shafe shekaru suna kauce wa wannan rabo. LTCM, wani babban asusun zuba jari na Amurka, ya sayi Shell ya sayar da aron Royal Dutch yana jiran ratar ta rufe, sai ta ƙara buɗewa a 1998, daidai lokacin da asara ke cin asusun ta wasu fuskoki, har sai da gungun bankuna suka zuba kusan dala biliyan 3.6 suka karɓe shi a watan Satumba. Kamfanonin biyu sun zama ɗaya a 2005, amma LTCM bai kai ba. Mai ciniki da bashi yana da wa'adin da kasuwa ba ta san da shi ba, dillali na iya neman ƙarin jingina ko ya karɓe kayan aronsa a ranar da ta fi kowace muni.

Tarkon tace tagwaye da yawa

Kwamfuta ta sa gwaji ya yi arha, kuma nan wata matsalar take. Kamfanoni 100 na ba da tagwaye 4,950. In aka gwada su duka da iyakar kashi 5 cikin ɗari, kusan 247 za su wuce bisa sa'a kawai, ko da babu ko ɗaya mai alaƙa ta gaskiya. In aka zaɓi goma mafi kyau aka zana tazararsu, za su yi kyau ƙwarai, domin kyawun ne ya sa aka zaɓe su.

Maganin ba asiri ba ne. A fara da dalili na sana'a kafin lissafi, a gwada waɗanda ke sayar da kaya ɗaya ga kasuwa ɗaya. Sannan a raba tarihin gida biyu: a fitar da beta da matsakaici daga kashi na farko, a gwada cinikin a kashi na biyu wanda lissafin bai taɓa gani ba. Wanda ya lissafa matsakaici daga shekara biyu gaba ɗaya, sannan ya gwada ciniki a cikin shekarun nan biyu, ya bai wa kansa sanin gaibu, kuma ribar da zai gani ta takarda ce.

Har yanzu tana biya?

Masu goyon baya sukan kafa hujja da binciken Gatev da Goetzmann da Rouwenhorst da aka buga a 2006. Sun bi kasuwar Amurka daga 1962 zuwa 2002, suna zaɓen tagwaye da tarihin wata 12, su yi ciniki na wata 6, su shiga in tazara ta kai ninki biyu na awon karkata, kuma suka sami rarar riba da ta kai kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Sai dai su nisan farashi suka auna, ba kowintigireshan ba, kuma su da kansu sun lura ribar ta ragu a shekarun baya-baya. Masu suka na cewa dalilin a fili yake: dabarar ta zama sananniya, manyan asusu masu kwamfutoci da kuɗin ciniki mai rahusa na rufe tazarar kafin ƙaramin ɗan kasuwa ya farga. Cunkoson ma na da nasa haɗarin. A watan Agustan 2007 asusu da dama masu riƙe da kaya iri ɗaya suka ruga fita lokaci guda, tazarori suka buɗe tare cikin 'yan kwanaki.

Ga mai ƙaramin jari, cikas na farko ma ba lissafi ba ne. Ba kowace kasuwa ke da sayar da aro ba, inda ake da ita kuma sai da asusun jingina. Wasu sukan koma kwangilolin kirifto marasa wa'adi, inda sayar da aro ke da sauƙi, amma can akwai kuɗin riƙo da a dandamali da yawa ake lissafawa duk awa takwas, ga tarihin farashi gajere wanda ba ya ba gwajin abin kamawa sosai. Bashin da dandamalin ke bayarwa kuma kan auna kowace ƙafa ita kaɗai in an zaɓi jingina a ware, ta yadda za a iya rufe maka ƙafar da ke asara da ƙarfi, a bar ka riƙe da ɗayar tana bin kasuwa duk inda ta nufa.